ZAUREN IYALI: An Biya Kuɗin Makaranta, Ga Shi An Koro Yarinya

 

Kowace shekara, da zarar an yi makonni kaɗan da komawa makaranta, akwai wani kuka da muke ji a ƙofar masallaci da cikin gidaje. Uba ya yi fafutuka ya haɗa kuɗin makaranta, ya kai banki ko ya tura ta waya, hankalinsa ya kwanta. Rana tsaka sai ga yaro ya dawo gida da jaka a baya, wai an ce bai biya ba. Daga nan sai rai ya ɓaci, a fara zargin makaranta da cin amana, ko a zargi ɗan aiken da aka ba kuɗin. Sau da yawa kuwa babu wanda ya ci ko dala. Kuɗin suna nan ajiye a wani wuri, sunan yaron ne bai bi su ba. Yau za mu duba yadda ake gano wurin da suka tsaya, da yadda ake sa a rubuta su da sunan mai su.

Bari mu fara da abin da ya faru da wani maƙwabcinmu, tela a Maraɗi. Ɗiyarsa tana kwaleji a wata makaranta mai zaman kanta, inda kuɗin shekara jika 150 ne, ana biya kashi uku: jika 60 a farkon shekara, sannan 50, sannan 40. Makarantar ba ta karɓar kuɗi a hannu, sai dai a zuba a asusunta na banki. Da yake aiki ya yi masa yawa, sai ya ba yaron shagonsa jika 60 da ƴar takardar da ke ɗauke da lambar asusun. Yaron ya je, ya bi layi, ya zuba kuɗin, ya kawo takardar banki mai hatimi. Tela ya ninke ta ya jefa cikin aljihun keken ɗinki. Bayan mako biyar aka karanta sunayen waɗanda ba su biya ba, aka haɗa da ɗiyarsa.

Da daddare ya same mu yana huci, ya ce, "Malam, dubi wannan zalunci. Ga hatimin banki, ga sa hannu, amma sun ce ban biya ba." Muka karɓi takardar muka duba a ƙarƙashin fitila. Lambar asusun daidai take, sunan makarantar ma daidai. Amma a gurbin sunan mai zuba kuɗi, sunan yaron shago ne, gurbin da aka rubuta wa `Motif` kuwa, wato dalilin biya, babu komai a ciki. Muka ce masa, "Maigida, kwantar da hankalinka. Kuɗinka sun isa gidan da ka aike su, sallama ce kawai ba su yi ba."

Domin a fahimci wannan, sai a san abin da mai kula da kuɗin makaranta yake gani, wanda muka fi sani da ekonom. Shi ba ya ganin fuskar wanda ya je banki. Abin da ke zuwa gabansa takardar bayanin asusu ce, layi bisa layi: rana, adadin kuɗi, lambar aikin, sunan wanda ya zuba, da ɗan abin da aka rubuta a gurbin dalili. A makon biyan kashi na farko, iyaye da yawa suna zuba adadi iri ɗaya a rana ɗaya. Idan layi ya zo da sunan da babu shi a rajistar ɗalibai, ekonom ba shi da ikon ya yi kirdado ya ɗora wa wani yaro, domin in ya kuskure ya ba wani haƙƙin wani. Sai ya ajiye layin a gefe, a abin da masu lissafi ke kira asusun jira, har mai shi ya bayyana. Abin da ya ƙara dagula lamarin a wurinmu shi ne yadda sunaye ke maimaituwa. Aji guda yana iya ɗaukar yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ga shi kuma a gida ana kiran yaro da laƙabi, a takardar haihuwa kuwa wani suna ne, an rubuta shi da harafin Faransanci. Saboda haka ne makarantu da yawa ke ba kowane ɗalibi lambarsa ta rajista, matirkil, wadda ba ta haɗuwa da ta kowa.

Akwai kuma abin da tela bai sani ba. A yawancin makarantun da ke karɓar kuɗi ta banki, takardar banki rabin aiki ce. Sai an kai ta wurin ekonom, ya gwada ta da bayanin asusu, ya ba da rasit na makaranta mai sunan yaro, sannan biya ya cika a littafinsu. Takardar da ta kwana biyar ko mako biyar cikin aljihun keke, makaranta ba ta san da ita ba.

Washegari da safe muka raka shi. Kafin mu shiga, muka tsaya aka yi wa takardar hoto kwafi biyu, domin asalin takarda ba a barin ta a hannun kowa sai an karɓi wata a madadinta. Muka riƙa rasit na rajistar yarinyar mai ɗauke da lambarta, muka tafi da yaron shagon da katinsa na shaida, tunda sunansa ne a jiki. Ekonom ya buɗe bayanin asusu na wannan rana, ya tarar da mutum goma sha ɗaya sun zuba jika 60. Tara an riga an san masu su, biyu suna jira. Ya gwada lambar aikin da ke kan takardarmu da ta layin, suka zo ɗaya, sunan yaron shago ma ga shi nan. Ya sa tela ya rubuta ƴar takardar neman a ɗora kuɗin a kan sunan ɗiyarsa, yaron shago ya sa hannu cewa aike ne aka yi masa. Kafin azahar an ba da rasit, yarinya ta koma aji.

Abin lura a nan shi ne, idan asusun daidai ne, gyaran yana hannun makaranta. Mutane da yawa sukan ɓata kwanaki suna safa da marwa a banki, alhali banki ya gama nasa aikin tun ranar da ya saka kuɗin inda aka ce masa. Amfanin komawa banki a irin wannan hali ɗaya ne, wato idan takardar ta ɓata ko rubutunta ya goge. Wasu takardun, musamman ƴan siraran da inji ke fitarwa, zafi da rana suna cinye rubutunsu cikin watanni kaɗan. A nan sai wanda ya zuba kuɗin da kansa ya koma reshen da ya biya, da katin shaidarsa, ya faɗi rana da adadi, ya nemi kwafin takardar. Ana iya cajinsa wani abu a kan haka, amma ya fi asarar jika 60.

Yanzu sai mu zo ga mai wuyar, wato a zuba kuɗi a asusun da ba shi ba. Wannan iri-iri ne, kuma kafin a ɗaga murya ya kamata a san wanne ne ya sami mutum.

Mafi sauƙi shi ne kuɗin su faɗa wani asusu na gida ɗaya. Makarantu da dama suna da firamare da kwaleji da lise a ƙarƙashin mai gida guda, kowane sashe da asusunsa, wani lokaci har da asusun motar ɗaukar yara ko na abinci. Uba ya saba biya wa yaro a asusun firamare shekara shida, yaro ya shiga kwaleji, hannu ya koma inda ya saba. Wannan ma a makaranta ake warware shi. Sai a kai takardar ga ekonom na sashen da kuɗin suka shiga, ya tabbatar a rubuce cewa sun iso, sannan hukumar makarantar ta mayar da su sashen da ya dace. A nemi wannan tabbaci a rubuce tun ranar farko, domin shi ne zai hana a koro yaro kafin su gama lissafinsu na cikin gida.

Na biyu shi ne tsohon asusun da makaranta ta rufe. Idan kuɗi ne a hannu, mai karɓa a banki zai faɗa nan take cewa asusun ba ya aiki. Idan kuwa daga wani banki aka tura, kuɗin sukan fita daga asusun mai turawa, bankin can ya ƙi karɓa, su dawo bayan ƴan kwanaki. Sai mutum ya riƙa duba nasa asusun, in sun jinkirta ya nemi bankinsa ya bi sawu, domin bankin da ya tura shi ne ke da bakin magana da wancan.

Na uku, wanda ya fi ɗaga hankali, shi ne kuɗin su shiga asusun wani bawan Allah da ba a sani ba. A ƙasashenmu masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, cikakkiyar shaidar asusu da ake kira `RIB` tana da gurbi 24: biyar na banki, waɗanda a Nijar suke farawa da `NE`, biyar na reshe, 12 na asusun kansa, sai biyu na ƙarshe da ake kira mabuɗi. Waɗannan biyun lissafi ne da aka ciro daga sauran, ta yadda in aka kuskure lamba guda, inji zai ga ba su dace ba ya ƙi karɓa. Don haka wanda ya ba da cikakken `RIB` ya sami garkuwa babba. Kuskure ya fi shigowa ta inda aka kwafi lambar asusu kaɗai a guntun takarda, ko aka karɓo ta daga bakin wani, ko aka ba da lamba ingantacciya amma ta wani mutum dabam. Lambar waya kuwa, da ake tura kuɗi da ita, guda takwas ce a Nijar kuma ba ta da mabuɗi ko kaɗan. In aka juya lambobi biyu, abu ne mai sauƙi a faɗa kan layin wani da yake aiki.

Abu na farko a nan shi ne a gane kuskuren na wane ne. A ɗora takardar da aka cika da hannu kusa da wadda inji ya buga. Idan abin da uba ya rubuta daidai ne, ma'aikacin banki ne ya buga wata lamba, to gyaran nauyin banki ne, kuma yana da ikon soke aikin ya maida kuɗin inda aka nufa. Idan kuwa mai biya ne ya ba da lambar da ba ita ba, banki ya yi abin da aka umarce shi. Ba zai cire kuɗi daga asusun wani ba sai da yardar mai asusun ko da umarnin kotu, kuma ba zai faɗi sunansa ko lambar wayarsa ba, domin doka ta ɗora masa riƙe sirrin masu ajiya. Abin da zai yi shi ne ya tuntuɓi mutumin, ya nemi ya sa hannu a mayar. Kada mu ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Wannan ƙa'idar ce take kare ajiyar kowannenmu daga duk wanda zai zo ya ce kuɗinsa ne.

Saboda haka a koma reshen a ranar, in da hali kafin a rufe. A rubuta takardar koke zuwa ga shugaban reshe, a faɗi rana, adadi, lambar aiki, asusun da kuɗin suka shiga da wanda aka nufa, a haɗa da kwafin takardar biya da na katin shaida. A yi ta kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan wadda za a koma da ita gida. Maganar baki a gaban kanta iska ce, gobe wani ma'aikaci za a tarar. Tun shekarar 2020 hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin, wadda mazauninta ke Abijan, ta wajabta wa bankuna su karɓi koken abokan hulɗarsu su amsa cikin wata guda, kuma wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙara gare ta. Kwanan watan da ke kan hatimin nan shi ne mafarin ƙidayar.

Idan ta waya aka tura, to minti ma yana da daraja. Wata baiwar Allah a unguwarmu, mai riƙon marayu, ta tura jika 40 na kashin ƙarshe, saƙon tabbaci ya dawo da sunan da ba ta sani ba. Allah ya taimake ta ɗanta babba yana kusa. Bai goge saƙon ba, ya kira sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin nan take, ya karanta musu lambar aikin da ke cikin saƙon, da adadi, da lokaci, da lambar da kuɗin suka faɗa. Da yake ba a riga an cire su ba, aka tsare su, bayan kwanaki aka mayar mata. Da an kwana an cire, kamfani ba shi da abin da zai tsare, sai dai a koma roƙon mutumin. Kuma ko an dace, kada a sa rai da dawowar ladan turawa.

In wanda kuɗin suka shiga hannunsa ya ƙi mayarwa, hanya ba ta toshe ba. Dokar ƙasa ta tanadi cewa wanda ya karɓi abin da ba a bin sa, ko da kuskure ne, wajibi ne ya mayar. In an san shi, a fara da sulhu ta hannun mai unguwa ko limami ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, domin ya fi sauri kuma ya fi araha. In abin ya faskara sai kotu, kuma a nan takardun da aka adana su ne shaidu.

Muna kuma da magana ga wanda ya wayi gari ya ga kuɗi a wayarsa ko asusunsa bai san mafarinsu ba. Wannan amana ce ta faɗo hannunsa, kuskuren mai dukiya ba ya halatta dukiyarsa, kuma mai yiwuwa karatun wani maraya ne yake riƙe da shi. Sai dai a mayar da hankali wajen mayarwa. Ƴan damfara sukan aiko saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, sannan su kira suna kuka a maido musu. A fara duba ainihin abin da ke cikin asusu, in da gaske kuɗin sun shigo, a bar kamfani ko banki ya mayar ta hanyarsa, kuma kada a faɗa wa kowa lambar sirri.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata mu faɗa. Idan kuɗi suka tafi hannun baƙo, bashin makaranta yana nan a wuyan uba, domin ba ta karɓi komai ba. Faɗa da darakta ba shi da amfani a nan. Abin yi shi ne a je da kwafin koken da banki ya buga wa hatimi, a nemi a ɗaga wa yaro ƙafa zuwa wata rana sananniya, a rubuce. In kuwa kuɗin suna cikin asusun makarantar ne ana neman su, aka matsa sai an sake biya, to kada a biya sai an rubuta cewa na farkon in sun bayyana za a lissafa su a kashi na gaba. Muna roƙon masu makarantu su ma su ji tsoron Allah, su kira uba kafin su kira sunan yaro a gaban ƴan ajinsu. Yaron bai je banki ba, bai cika takarda ba, amma shi ke kwasar kunyar.

Rigakafi dai ya fi magani. A karɓi lambar asusu daga ofishin makaranta a kan takarda mai hatimi, kowace shekara sabuwa. Duk saƙon da ya zo ta waya cewa an sauya asusu, kada a yi aiki da shi sai an taka an tambaya. A gaban kanta, a roƙi ma'aikaci ya karanta sunan mai asusun kafin a miƙa kuɗi, a waya kuma a karanta lambar sau biyu, da sunan in ya fito, kafin a danna lambar sirri. Wanda zai yi aike ya rubuta wa ɗan aike abin da za a sa a gurbin dalili, kamar yadda sunan yake a takardar haihuwa, a wannan tsari:

```
NOM PRENOM / MATRICULE / CLASSE / TRANCHE 1
```

Gurbin yakan yi kaɗan, inji ya yanke ƙarshen rubutu, don haka in ba zai ɗauka duka ba a fara sa lambar rajista. Mai yara uku a makaranta ɗaya ya yi biya uku, kowa da takardarsa, ko da layin zai ƙara tsawo, domin dunƙulallen kuɗi da suna guda yakan sa a rubuta wa ɗaya rara a koro biyu. A rubuta adadin da alƙaluman sefa kuma, tunda mu a baki da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take ƙirga, jika 60 ita ce 60.000. Daga banki a wuce makaranta a karɓo rasit a ranar, a haɗa su cikin ambulan guda har ƙarshen shekara.

Maƙwabcinmu tela, da lokacin kashi na biyu ya zo, da kansa ya rufe shago ya je, kuma bai dawo gida ba sai da rasit na makaranta a aljihu.

Allah ya sa albarka a abin da muke ciyarwa a kan ƴaƴanmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.